Kuɗin mota na harafin ƙ

Mutumin Sarkin Yamma zai aika wa dangi na Maraɗi sanarwar suna. Ya tsara ta harafi 150, har da filin da ke tsakanin kalmomi, don shi ma ana ƙirga shi. SMS ɗaya kan ɗauki 160, to ai da sauran wuri. Sai ya tuna ya yi karatun Hausa, ya mayar da “baki” “baƙi”. In saƙo dala biyu ne, nan take ya koma dala shida.

Laifin na GSM-7 ne, jerin haruffan da Turawa suka tsara wa wayar salula. Akwai é da à na Faransanci zaune a ciki kyauta, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Da ɗayansu ya leƙo, sai waya ta juya saƙon kacokan zuwa UCS-2, inda harafi 70 kawai ke shiga. Kamar fasinja guda ne mai ƙaho ya sa aka ninka wa kowa kuɗin mota.

Kuma in saƙo ya rabu, kowane yanki sai ya bar wurin lambar da za a sake haɗa su, ya rage 67. Wato 150 yanki uku ne: 67, 67, da 16.

Wayoyi da yawa na nuna ƙirgen a gefen allo. In ka ga 160 ya faɗo 70, to ƙugiya ta shiga, ko ɗan hoton nan mai dariya. Shi ya sa har malaman Hausa ke gayyatar “baki” cin tuwo.