Ranar da na tayar da gidan haya da barkono

Duk magidancin da matarsa ta haihu ya san bayan ragon suna akwai wani hisabin, wato yajin jego. Ni dai da uwargida ta sauka lafiya, hankalina kwance yake, don tun ƙaramar salla na tsinci garaɓasa wurin wani mai baro a bakin titi: garin citta, garin kanumfari da garin masoro, kowanne ƙulli guda a farar leda, a kuɗin da bai kai na shan shayi ba. Na jera su a kantar da ke saman risho ina jiran ranar yabo.

Ranar ta zo tare da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta taso daga Zariya don wankan jego. Tana shigowa gidan hayarmu na Nasarawa, ko mayafi ba ta cire ba ta ce a kawo mata kayan yaji. Na miƙa mata ina murmushi. Ta kwance ƙullin citta ta shinshina, ta murza a tafin hannu ta sake shinshinawa, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, wannan na shafa wa jariri ne a wuya?"

Na ce, "Haba Gwaggo, ɗanɗana masoron ki ji, yana da yaji."

"Yaji daban, ƙamshi daban," in ji ta. "Yaji ba ya gudu. Ƙamshi ne mai ƙafa."

Maganarta tana da tushe. Ƙamshin waɗannan kaya wani mai ne mai saurin bin iska, wanda ke kulle a ƙananan aljihuna cikin ƙwayar. Muddin ƙwayar ba ta fashe ba, tana iya shekara da ƙamshinta. Da an niƙa, aljihunan sun fashe, iska ta sami ko'ina, sai man ya dinga tafiya. Zafi da haske da laima suna ƙara masa gudu, ni kuwa na haɗa wa nawa duka ukun: leda mai shara-shara, kusa da taga, ga tururin tukunya safe da yamma. Abin da ke sa barkono da masoro zafi a harshe shi ba ya tashi da sauƙi, shi ya sa tsohon gari zai ƙona maka baki amma miyar ta fito salam.

Gwaggo ta tasa ƙeyata zuwa kasuwar Kakuri, har da darasi. Kanumfari in danna shi da farce, in mai ya fito to mai kyau ne. Citta in karya, in ga cikinta da haske, ba huda ba ƙura. Masoro mai 'yar wutsiya, kimba baƙa wadda ba ta yi furfurar laima ba. Da mai kayan ya faɗi kuɗin citta sai da na riƙe teburinsa. Ya ce tun da cuta ta faɗa wa gonakin Kachia da Jaba a daminar 2023 citta ta zama sarauniya. Na ba shi labarin garin da na saya da araha. Ya yi dariya har ya ga kamar zan yi fushi, sannan ya ce, "Alhaji, ƙwaya ba ta ɓoye komai. Gari kuwa, in an zuba masa na masara, wa zai kai ƙara?"

Na dawo na tarar Gwaggo tana banɗaki da mai jego, tana ta faman ruwan zafi da ganyen darbejiya. Na taɓa jin ana cewa suya tana tayar da ƙamshi, sai na ce bari in rage mata aiki. Na ɗora kasko a kan gas, na buɗe wuta har ƙarshe, na juye komai lokaci guda: citta, kanumfari, masoro, kimba, da busasshen barkono gwangwani guda.

Da farko gidan ya ɗauki ƙamshi har na fara gyara tsayuwa. Can sai barkonon ya yi baƙi, wani hayaƙi siriri ya miƙe. Atishawar farko tawa ce. Ta biyu ta fito daga ɗakin tela. Kafin in gano inda makunnin gas yake, hawaye sun rufe mini ido, gidan mai ɗaki takwas ya koma gasar tari. Maman Ejima ta fito da tagwayenta ɗaya a baya ɗaya a hammata. Wani maƙwabcinmu da ya ga zamanin zanga-zangar ma'aikatan masaƙa ya jiƙa tawul ya rufe fuska, yana ihu wai 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, kowa ya kwanta. Akuyar mai gida ta tsinke igiya, sai da aka kamo ta a hanyar Kudenda. Gwaggo ta fito da jariri a ƙunshe cikin zane, ta wuce ni ba ta ko kalle ni ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Da hayaƙi ya lafa, ta sake aike na kasuwa, kuma wannan karon ta zaunar da ni a kujerar tsuguno in kalla. Wutar gawayi ta sa, wadda ta riga ta ruru ta kwanta. Busasshen kasko, ba mai ba ruwa. Kowane abu shi kaɗai, domin ƙarami yana ƙonewa tun babba bai ji wuta ba. Masoro ta fara zubawa, tana girgiza kaskon ba tsayawa, bai wuce minti biyu ba ƙamshi ya taso, nan take ta juye shi a faranti, don in an bar shi a kasko zafin ƙarfen zai ci gaba da cin sa. Kanumfari ɗumama shi kawai ta yi. Kimba ta babbaka sama-sama a garwashi, ta fasa ta zubar da 'ya'yan, ta ce su ke kawo ɗaci. Citta da barkono ko kusa da wuta ba su je ba, rana ta shanya su har suka yi ƙaras.

"Hanci ne agogonka," in ji ta. "Ka ji ƙamshi, sauke. Ka ga hayaƙi, ka makara, abin da ya rage ɗaci ne."

Sai da komai ya huce sarai ta yarda a zuba a turmi, domin mai ɗumi yana dunƙulewa ya manne. Ma'auninta: citta gwangwanin madara biyu, barkono ɗaya, masoro rabi, kanumfari cokali biyu kacal don yana danne sauran, sai kimba 'yan ƙwarori. Na kawo shawarar inji. Ta ce inji yana zafi ya kwashe rabin ƙamshin, kuma ya haɗa maka da ragowar niƙan wanda ya riga ka. Ta daka na sati uku kawai, ta tankaɗe, ta zuba a kwalba mai murfi ta kai lungun da ba rana. Sauran ƙwayar ta ɗaure ta ajiye, ta ja kunnen kowa kada a sa jiƙaƙƙen cokali.

Wai ta daka, amma ni na riƙe taɓarya, a tsakar gida, matan haya na zagaye da ni suna gyara mini riƙo. Da aka yi farfesun kan rago da yajin, tela da kansa ya zo da kwano ya ce ya yafe.

Mai gida ne bai yafe ba. Ya kira taron 'yan haya, aka yanke cewa duk ranar da zan kusanci kasko sai na ba da sanarwar kwana uku, kamar masu feshin sauro. Kuɗin igiyar akuya kuma ya shiga cikin kuɗin hayata.