Sista Ta Nemi Gafarar Mutum 412

Da misalin ƙarfe tara na safiyar wata Litinin wayoyin asibitinmu suka ɗauki ƙara a tare, tun daga ofishin babban likita har ɗakin wanki. Imel ne daga wata abokiyar aikina a ɗakin maza, mai taken “Bankwana”. Sista za ta tafi ƙaro karatu, ta ga bai kamata ta wuce ba sallama ba, sai ta kwaso adireshin duk wanda ke karɓar albashi a gidan nan ta jera. Mutum 412. Na ƙirga, don ranar ina hutu.

Wasiƙar ta bi tsarin da aka gada kaka da kakanni. Sallama, godiya ga Allah, godiya ga babban likita wanda ta kira uba, duk da sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, shi ma a bakin famfo. Sai Metiron, “uwa ma ba da mama”, wadda a watan jiya Sista ta ce in tana wuri ko iska ba ta kaɗawa. Sai mu, ’yan ɗakin maza, da muka zama “’yan uwa na jini”. Daga nan ta sauko kan layin da ba a rufe irin wannan wasiƙa sai da shi: “Duk wanda na yi wa laifi, da sani ko da rashin sani, ya yafe mini. Ni ma na yafe wa kowa.”

Layin nan na daɗe ina jinjina wa wanda ya ƙirƙiro shi. Da can, mai neman gafara takawa yake har inda kake, ya gaishe ka, ya faɗi laifinsa da bakinsa, kai kuma ka ɗan ja aji kafin ka ce ya wuce. Yanzu an koma sari. Dannawa ɗaya, an wanke laifin shekara shida, har da na mai gadin ƙofar baya da bai taɓa sanin da ita ba. Kuma “ni ma na yafe wa kowa” ya mayar da mu duka masu laifi, ba tare da an gaya mana abin da muka yi ba.

Ni dai na san abin da aka yi mini, kuma yana rubuce a jikin rosta. Ɗakinmu gado 30 ne, mu tara ne ma’aikatan jinya. Kowane dare mutum biyu ke kwana, wato kwana 60 ake rabawa a wata. Shugabar ɗaki ba ta aikin dare, wata kuma tana goyo an ɗauke mata. Saura mu bakwai, kowa yana samun dare takwas ko tara. Sista na fita muka koma shida, kowa dare goma cif. Kada ka ce ai za a kawo wata. Hutun karatu da albashi ta samu, don haka sunanta na nan a takardar biya, gurbinta a cike yake a idon ofis. A takarda mu tara ne. Da ƙarfe uku na dare, lokacin da ruwan gado na 7 ya ƙare, mai gado na 19 kuma ya cire robar fitsari da hannunsa, mu biyu ne, ɗayanmu ma a tsaye take barci. Ban da dare uku da na karɓar mata lokacin bikin ƙanwarta, kan alkawarin za ta rama. Ina jin su ne “da rashin sani”.

Uwar adashi kuwa nata ya fi nawa zafi. Mu goma ne, zubin naira 20,000 duk wata. Sista ta roƙi ɗauka ta biyu saboda kuɗin makaranta, aka tausaya, ta kwashi 200,000. Saura zubi takwas a kanta, naira 160,000. Baiwar Allah nan ta karanta wasiƙar sau uku tana neman inda aka ambaci adashi, ta zo ta same ni da waya a hannu.

“Ke, wai yafiyar nan har da kuɗi?”

Na ce ta tambayi malamai.

Sai aka shiga amsawa. Sista ta zuba sunayen ne a layin To maimakon Bcc, inda kowa zai samu nasa ba tare da ya ga na wani ba. Jama’armu kuma ba su yarda da addu’ar ɓoye ba. In za a ce “Allah ya ba da sa’a”, to a danna Reply All kowa ya shaida. Kafin azahar amsa 60 ta shigo, kowacce ta faɗa wayar mutum ɗari huɗu da ’yan kai. Wani daga sashen ajiyar kati, da alama taken kawai ya gani, ya rubuto: “Allah ya jiƙanta, halinta na gari ya bi ta.” Mutum huɗu suka ce amin kafin Sista ta fito da kanta ta ce tana raye. Wani likita ya roƙi a daina amsa wa kowa da kowa, shi ma ta Reply All ya roƙa, mutum goma sha ɗaya suka mara masa baya ta hanyar. Mai sayar mana da atamfa bashi daga ɗakin haihuwa ta so ta yi magana a asirce, hannu ya kuskure, har babban likita ya san cewa saura 8,500 na leshi.

A ɗakin shan shayi kuma ba a tsaya kan addu’a ba, tafsirin “ƙaro karatu” aka buɗe, don Sista ba ta faɗi makaranta ba, ba ta faɗi gari ba. A aikinmu kalmar nan tana da fuska biyu. Akwai mai tafiya kwas na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, na unguwarzoma ko na ɗakin tiyata, ko mai neman digirin jinya a jami’a. Wannan takan sa hannu a takardar yarjejeniya cewa za ta dawo ta yi wa asibiti aiki na wasu shekaru, kuma da hutu za ka gan ta a kasuwa. Akwai kuma wadda karatun nata ke farawa da jarrabawar Turanci ta IELTS, ya bi ta jarrabawar kwamfuta, ya ƙare da rigar sanyi a Ingila. Irin wannan karatun ya yi yawa har hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma ta Najeriya ta fito da ƙa’ida a 2024 cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu zuwa waje. Masana a ɗakin shayi suna da alamominsu. In ta bar fulas da takalmin aiki a loka, za ta dawo. In ta sayar da firij, ta fara ce wa majinyata “sannu” da wata irin murya ta hanci, a shafa fatiha. Sista ta bar fulas, amma ta sayar da firij, shi ya sa har yau malaman ba su haɗu a kan fatawa ɗaya ba.

Duk da haka an yi karo-karo, naira dubu bibbiyu, aka saya mata akwati da agogon bango. Uwar adashi ma ta bayar, tana cewa ko ba komai a rabu da mutunci, wataƙila a ga alat. An ci shinkafa, Metiron ta yi jawabi har da share hawaye, Sista ta rungume ta, mu kuma muka yi tafi.

Washegari da dare mai gado na 12 ya fara ihun ciwo, na je ɗauko allurar da likita ya rubuta. Magungunan nan masu ƙarfi a kabad mai makulli suke, ana ƙirga su a rubuta a littafi duk canjin aiki, makullin kuma hannu da hannu ake miƙa shi. Na laluba aljihu, na duba durowa, na tambayi abokiyar kwanana. Wasiƙa mai sakin layi bakwai, babu inda ta ce ga wanda ta bar wa makulli. Na kira Sista, waya a kashe. Sai na buɗe imel ɗin nan, na danna Reply All da ƙarfe biyu da kwata na dare, na rubuta: “Sista, mun yafe duniya da lahira. Ina makullin kabad?”