Rabin awa bayan faya ta fashe

Mu nan Kazaure, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turken akuya a bayan ɗaki ba, kuma yawanci ta matan gida ce. Haka yake a Roni da Gwiwa, haka yake har Babura. Zamanin Gwamna Badaru ma da aka raba wa mata awaki, abin da muka saba aka ƙara mana. Kiwo kam mun iya, sai dai ranar da haihuwa ta zo da gardama kanmu yakan rabu biyu. Wasu su ce a ƙyale ta, dabba ita ke karɓar haihuwarta. Wasu kuma da sun ga ƙafa ta leƙo sai su kama su ja da ƙarfin tsiya. Duka biyun suna kashe mana dabbobi.

Masu cewa a ƙyale ta suna da gaskiya a mafi yawan lokaci. Cikin akuya ko tunkiya wata biyar ne, wajen kwana 150. Idan hantsa ta cika, gindin wutsiya ya saki, ta ware kanta tana tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi, to naƙuda ce ta fara, kuma tana iya ɗaukar awoyi a haka ba tare da wata matsala ba. A share mata wuri, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kori yara. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da faya ta fashe ta shiga yunƙuri sosai. Minti 30 ke nan. In ta yi rabin awa tana nishi ba abin da ya fito, ko abu ya leƙo ya tsaya cak, haƙuri ya ƙare, sai a duba. Ba sai an idar da isha'i ba, ba sai maigida ya dawo daga kasuwa ba.

Wa zai sa hannu? Mai ƙaramin hannu, wanda ya yanke farce, ya cire zobe, ya wanke har gwiwar hannu da sabulu da ruwan ɗumi, aka kuma wanke bayan dabbar. In akwai safar hannu ta fi. Tsofaffinmu da yauƙin karkashi suke santsa hannu, wasu da man gyaɗa mai tsabta, abin da dai ba a yi shi ne shiga da busasshen hannu. Mace mai juna biyu kuwa, don Allah ta koma gefe ko da akuyar tata ce. Cututtukan da ke sa dabba ɓari suna cikin ruwan haihuwa da mabiyiya, kuma wasunsu suna kama mutum har su taɓa cikin da take ɗauke da shi.

Ɗa mai zuwa daidai, ƙafafun gaba biyu ne ke fitowa, hanci kwance a kansu. Saboda haka tambayar farko ita ce wace ƙafa ce wannan. Ka bi ta daga kofato. In gaɓa ta farko da ta biyu gefe ɗaya suke lanƙwasuwa, ta gaba ce. In ɗaya ta yi nan ɗaya ta yi can, ta baya ce. Sannan ka bi ƙafar har jiki, ka tabbata ita da kan na ɗa ɗaya ne, domin jajayen awakinmu masu tagwaye ne, kuma sau da yawa mai ja yana riƙe da ƙafar wannan da ta wancan bai sani ba.

Ga abin da ya faru a layinmu da sanyin da ya wuce. Wata maƙwabciyarmu tana da tunkiya 'Yankasa, haihuwar fari, ragon Balami ne ya hau ta, ka ga tun nan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. Bayan la'asar kai ya fito da ƙafa ɗaya, ya tsaya. Yaron gidan ya riga ya ɗauko igiya, sai ga tsohuwar da ake kira in irin haka ta faru.

"Ajiye igiyar nan, ɗan nan," in ji ta. "Ina ɗaya ƙafar?"

"Inna, ai in an ja za ta biyo."

"Ba za ta biyo ba. Kafaɗa ce ta tokare ƙashi."

Ta sa aka ɗaga bayan tunkiyar a kan buhun dusa don nauyin cikin ya koma gaba. Ta jira yunƙuri ya lafa, sannan ta tura ɗan ciki kaɗan, a hankali, don ta sami wuri. Ta bi wuya zuwa kafaɗa, ta sami gwiwa, ta lanƙwasa ta, ta rufe kofaton cikin tafin hannunta don kada ya yaga mahaifa, ta jawo shi gaba. Da ƙafa biyu suka daidaita sai aka sauke tunkiyar. Tana yunƙurawa Inna na ja, tana hutawa Inna na hutawa, kuma ƙasa take ja, wajen dugadugan uwar. Da ya faɗo ta share masa majinar hanci da baki, ta goge shi da tsumma har ya yi atishawa, ta tsoma cibiyar a aidin, ta sa shi a nono ya sha dakashi. Sannan ta sake dubawa ko akwai na biyu.

Ɗan da ya zo ta ƙafafun baya ana iya fitar da shi a haka, amma da ƙugu ya fito kada a tsaya, don cibiya ta matse, zai nemi numfashi kansa yana ciki.

Inna kanta takan ce in ta yi kamar minti 15 ba ta ga ci gaba ba, ta cire hannu ke nan, a kira malamin dabbobi. Akwai ma inda ba a farawa. In ka sa hannu ka ji bakin mahaifa yatsa biyu kawai yake ɗauka, ba a buɗe shi da ƙarfi. In kai da ƙafafu ba za su shiga ƙugu tare ba, aikin tiyata ne. In wari na fitowa, ɗan ya mutu ya kumbura. Haka in jini ja na zuba, ko mahaifar kanta ta zazzago bayan haihuwa, sai a rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, a hana kaji da ƙasa taɓa ta, a buga waya.

Wata ɗabi'a da ta shigo mana ita ce a ruga kemis a sayo allurar naƙuda. Allurar nan matse mahaifa take yi. In ɗan a karkace yake ko hanya ba ta buɗe ba, mahaifar ce za ta fashe, a rasa uwa da ɗa. Sai wanda ya duba ya san kwanciyar ɗan ne zai ce a yi ta. Haka ɗaura wa mabiyiya dutse ko takalmi don ta faɗo, mu bar shi. Takan faɗi da kanta cikin 'yan awoyi. In ta wuce awa 12, ko uwar ta ƙi cin abinci jikinta ya yi zafi, magani take buƙata daga hannun wanda ya sani.

Na san abin da ke hana mu kira: kuɗin mai da na magani, ga nisa in kana can ƙauyukan Gwiwa ko bakin iyaka ta Babura. Amma kiran la'asar ya fi kiran tsakar dare sauƙi, domin dabbar tana da sauran ƙarfi kuma hanyar ba ta kumbura ba. Tun cikin yana wata huɗu a je sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a karɓi lambar malamin, a kuma ajiye ta mai babur ɗin unguwa. In an kira shi, a gaya masa ƙarfe nawa faya ta fashe, me ya fito, haihuwa ta nawa ce, da ko an riga an yi mata wata allura, don ya san kayan da zai ɗauko.