Yadda Ake Lallashin Duba-gari da Takarda

Idan duba-gari sun garƙame maka gidan abinci, kada ka buɗe wasiƙarka da labarin maƙiya. Mun yarda mai shagon da ke kallon naka ba ya ƙaunarka, amma ba shi ya turo kyankyasan da aka tarar a bayan firji ba. Batun marayun da kake ciyarwa ma ka ajiye shi. Allah ya ba da lada, sai dai babu gurbinsu a fom ɗin jami'i.

Lalubo takardar da suka bar maka, wadda ka cusa ƙarƙashin faranti don haushi. Ka rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, ka ambaci ranar da aka zo dubawa, sannan ka bi laifuffukan ɗaya bayan ɗaya yadda suka jera su. Wanda ka tsallake, shi za a fara tambaya.

A ce sun rubuta cewa an ga ɗanyen nama a saman dafaffiyar shinkafa cikin firji. Mai son shagonsa ya daɗe a rufe sai ya amsa da "za mu gyara in Allah ya yarda". Kai kuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, ranar 4 ga wata mun mayar da ɗanyen nama can ƙasan firji cikin roba mai murfi, don kada jininsa ya ɗiga kan abin da aka dafa. Mun sayi ma'aunin sanyi, muna rubuta abin da ya nuna safe da yamma, bai wuce digiri 5 ba." Kada ka ɗora laifin kan masu wutar lantarki, shi ma jami'in a duhu ya kwana. Faɗi janareton da kake tayarwa idan an ɗauke.

Ɓeraye kuma ba sa karanta takardar feshi. Ka haɗa ta da wasiƙar, amma ka nuna an toshe raminsu da siminti, an yashe kwata, an sa wa kwandon shara murfi, da hoto da rasit. Sakamakon gwajin lafiyar masu girki shi ma ya shiga, na waɗanda ke bakin murhu yanzu, ba na yarinyar da ta yi aure bara ba.

Daga ƙarshe ka roƙi a sake zuwa dubawa, ka sa hannu, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kafin su zo kada ka ɓalle kwaɗon da suka sa, kada kuma ka sayar ta ƙofar baya. Abin da ba ka yi ba, kada ka rubuta shi, domin ranar da suka dawo za su buɗe firjin da hannunsu.