Jama'ar da Sanarwar Gasar Ƙwallon Unguwa Ke Tarawa

Da zarar an yi hutun makaranta a Kano, sai ka ga takarda manne a jikin turken wuta da ƙofar gidan kallon ƙwallo, wani kuma ya ɗauki hotonta ya watsa a waya. Abin da ke ciki bai wuce layi huɗu ba: ranar farawa, kuɗin rajista, ranar rufe rajista, sai kyaututtuka. Amma kowane layi yana da mutanensa.

Na farko shi ne mai rubutun da kansa, wanda yawanci shi ne sakataren kwamiti. Bawan Allah ne mai son manyan kalmomi. Zai kashe rabin rubutun wajen "gagarumar gasa wadda ba a taɓa yin irinta ba", ya jero sunayen iyayen gasa har bakwai, sannan ya rubuta cewa za a fara ranar Asabar 14 ga wata, alhali kalanda ta ce 14 ga wata Litinin ce. Rabin ƙungiyoyi su bi rana, rabi su bi lamba. Ya ce za a take wasa ƙarfe huɗu, bai tuna cewa lokacin ake fitowa daga sallar la'asar ba. Sai biyar saura a fara, ga minti casa'in, ga hutun rabin lokaci, idan aka yi canjaras a je bugun fenareti ana kiran magariba, mai tsaron gida yana laluben ƙwallo a duhu.

Babbar matsalarsa ita ce bai ƙirga wasanni ba. Ya ce ƙungiya 16, sili-ɗaya-ƙwale, za a gama cikin mako biyu. To, a irin wannan tsari kowane wasa ƙungiya ɗaya yake fitarwa, sai an fitar da 15 kafin a samu zakara. Wasa takwas a zagayen farko, huɗu a na biyu, biyu a na kusa da ƙarshe, sai wasan ƙarshe. Idan akwai kyautar na uku, an samu wasa 16 ke nan. Fili ɗaya ne, filin firamare, kuma wasa ɗaya ake iya yi a yammaci. Kwana 16 ba sa shiga cikin kwana 14, ballantana a watan Agusta, lokacin da hadari zai iya haɗowa ya mai da bakin raga kududdufi.

Daga shi sai ma'aji, wanda shi kaɗai ne ba ya dariya a kwamitin. A ce rajista naira 10,000 ce: ƙungiya 16 sun kawo 160,000, in duk sun biya. Sanarwa kuwa ta yi alkawarin 100,000 ga na ɗaya, 50,000 ga na biyu, 30,000 ga na uku. An riga an wuce abin da ke hannu da 20,000 tun ba a busa usur ba. A ce alƙalin wasa da mataimakansa za su karɓi 3,000 a kowane wasa, ga 48,000. Giɓi ya zama 68,000, ba a sayi ƙwallo ba, ba a ɗinke raga ba, ba a sayi kofin ba, ba a yi maganar rumfa da kujeru da lasifikar ranar ƙarshe ba. Idan ya kawo wannan lissafi a zama, sai a ce masa, "Haba ma'aji, ai Honarabul ya ce ya ɗauki nauyi."

Honarabul ɗin, hotonsa ya cinye kashi biyu cikin uku na takardar, har ranar rufe rajista ta koma can ƙasa sai an sa tabarau. Ranar buɗewa zai zo da jiniya, ya taɓa ƙwallo da takalmi sau-ciki, ya yi alkawarin ƙara babur a kan kyauta. Daga nan wayarsa ta shiga hannun yaronsa, wanda amsarsa ɗaya ce: "Oga yana Abuja." Mai karatu, in ka ga an rubuta "kyauta mai tsoka" babu lamba a gabanta, ka san kuɗin ba su shigo ba tukuna.

Akwai kuma mai tambaya. Yana tsaye gaban takardar, yatsansa a kan layin da aka rubuta naira 10,000, yana cewa, "Wai nawa ne rajistar?"

Kocin "a sa mana suna" ya fi shi wahalarwa. An rufe rajista ranar Alhamis, shi sai daren Juma'a zai bayyana da naira 4,000 da rantsuwa cewa cikon yana hanya. In an hana shi, ya ɗauko kawun shugaban kwamiti. Irinsa huɗu suka samu shiga, ƙungiyoyi sun zama 20, kuma 20 ba ta rabuwa biyu-biyu har ta kai ɗaya: goma, biyar, sai a tsaya cak. Dole a yi wasan share fage huɗu tsakanin ƙungiya takwas, sauran 12 su jira, kafin a dawo 16. An ƙara kwana huɗu, an sake ƙuri'a, kuma waɗanda suka biya tun ranar farko su ne za su faɗa share fagen su yi ta zage-zage, da gaskiyarsu. Shi kuwa kocin, ranar wasansa zai zo da 'yan wasa shida, yana roƙon a ƙara masa minti goma, don dokar ƙwallo ba ta yarda a fara da ƙasa da bakwai ba.

Inda aka rubuta "'yan ƙasa da shekara 17", nan ne dattijon yaro ke shigowa. Ya aske gemu da safe har haɓarsa na ƙyalli, ya kawo fasfo na zamanin da yake aji uku. Yana cin ƙwallo sai ka ji wani ƙaramin yaro a bakin layi yana tsalle yana cewa, "Babanmu ne!" FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka yi a Najeriya, har Kano ta karɓi wasu wasannin. Mu a unguwa na'urarmu ita ce tsohuwar da ta je sunansa.

Ɗan'uwansa shi ne sojan haya. Ba a gan shi a zagayen farko ba, sai a wasan kusa da na ƙarshe ya sauka daga adaidaita da takalmi mai tsada, yana amsa sunan wani Sani da ke cikin fom, sai an kira sau uku yake tuna shi ne. Maganinsa sananne ne: kowace ƙungiya ta miƙa sunaye da fasfo kafin ƙuri'a, a buga hatimi a kan hoton, a duba kafin kowane wasa. Amma in sanarwa ba ta faɗi haka ba tun farko, mai ƙorafi ya samu abin yi. Shi wannan ba ya ganin sojan haya sai an ci ƙungiyarsa. Da sun yi nasara, da Sani ɗan gidan maƙwabcinsa ne. Shi ya sa gasar da ta san kanta take sa kuɗin ƙorafi da wa'adin awa 24, a mayar wa mutum kuɗinsa in ya yi gaskiya.

Don haka sakatarorin unguwanni, don Allah kafin ku kai takarda wurin bugawa ku buɗe kalanda, ku ƙirga wasanninku, ku zaunar da ma'aji ya faɗi abin da ke hannunsa, kada ku rubuta kyautar da ta wuce shi. Honarabul kuma a rage masa hoto har sai kuɗinsa sun shigo.