Wa Ke Cin Katin Wayarka?

Shawara ta farko ga wanda ya sa katin naira 500 da daddare, ya wayi gari ya tarar da 450 alhali bai kira kowa ba: ƙyale wanda ya ba ka kayan, nemi wanda ke karɓar kuɗin. Waƙar da masu kiranka ke ji, ko sakamakon ƙwallon da ke shigowa kullum, yawanci hannu uku suke bi kafin su iso gare ka: mai kayan, dillalin da ya haɗa cinikin, da kamfanin layin da ke cire kuɗin. Mai kayan sau da yawa bai ma san sunanka ba. Shi ya sa idan ka kai masa kuka zai tura ka wurin kamfanin layi, can kuma a ce ai kayan ba nasu ba ne, ka yi ta zarya kamar ɗan aike tsakanin kishiyoyi. Goge wata manhaja ba ya tsayar da komai, domin rajistar a lambarka take, ba a cikin wayar ba.

Ta biyu, tono saƙon da ya shigo ranar da aka fara cira. Gajeruwar lambar da ta aiko shi ita ce ƙofar, kuma sau da yawa kalmar sokewa na can ƙasan saƙon. Na san an share shi, domin wa zai iya ajiye saƙonnin nan da ke zuba dare da rana, wasu ana tsakiyar sallar asuba, da Turancin da dattijuwa a ƙauye ba za ta karanta ba, ga ta ita ce aka fi yi wa ɓarnar? To a danna *305#, lambar da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta keɓe wa duk layuka don dakatar da irin waɗannan hidimomi. Masu cewa tura STOP zuwa 2442 ya wadatar sun haɗa abu biyu: wannan an yi shi ne don toshe tallace-tallace, kada ka dogara da shi kan rajistar da ta riga ta ɗauru. In cirar ta ci gaba, kira 300, ka nemi sunan hidimar da ranar da ta fara, ka karɓi lambar ƙorafi. Da ita za ka kira 622, layin hukumar na kyauta.

Za a ce laifinka ne, kai ka danna ɗaya. Ko da haka ne, shigar da ta ci maɓalli guda bai kamata fitarta ta ci yini guda ba, kuma kamfanin da ya iya cire naira hamsin a kan lokaci ya san sarai inda take zuwa. Mafi wuya shi ne mai shagon waya da ya buɗe maka rajistar kallon fim da imel ɗinsa. A nan asusun nasa ne, shi kaɗai ke iya sokewa. In da katin bankinka aka ɗaura ta kuma shagon ya tashi, je banki a toshe katin.