Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Karatu da Ƙeya

 Labari ya iso mana Kano cewa kullum da ƙarfe uku na rana kana nan a ɗakin karatu a Samaru, littafi a buɗe, baki a buɗe, ƙeya a jingine da bango, wai kana shirin jarrabawa. Haba mutumin birnin ilimi! Wa ya faɗa maka minshari yana shiga takardar amsa?

Zo ubangidanka ya buɗe maka ido. In azumi ya faɗo a watan Maris, kamar na 2025, awa goma sha uku da ɗoriya ake yi ba ci ba sha. Kafin ƙarfe uku tuwon sahur ya daɗe da yin sallama, gumi ya zuƙe ruwan jiki, ga bashin barcin dare yana bin ka. Alamar ba ta ɓuya: in ka maimaita layi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba, rufe littafin, an tashi kasuwa.

Awa huɗun karatu a rana da kake cika baki da su, ga yadda za ka raba. Daga shida zuwa takwas na safe, ciki da nauyi, gari da sanyi, nan za ka kai lissafi da hadda da duk darasin da ke ba ka wuya. Na san al'adarka, da an sallame Asuba sai bargo. Daure, ka zauna a kujera, ka yi nesa da katifa. Bayan Azahar ka yi ƙailula ta minti talatin, kada ka zarce har ladan ya tashe ka, domin barcin rana in ya yi tsawo kai yake dagulawa. Bayan La'asar rabin awa ya isa, shi ma aikin hannu kawai: kwafe darasin da aka ba ka aro, ware tsofaffin tambayoyi. Ragowar awa ɗaya da rabi ka bar wa bayan asham, tara zuwa goma da rabi, ka gwada kanka da tambayoyin nan.

Sai dai zaman dare yana da sharaɗi, kuma nan nake jiye maka. In ka haɗa kunun tsamiya da ƙosai da dankali da tuwo a zama guda, ko asham ɗin a gyangyaɗe za ka yi ta. Fara da dabino da ruwa da ɗan kunu, tuwo ya jira ka gama.

Goman ƙarshe kuwa tahajjud zai cinye daren, don haka ka gama manyan darussa a goman marmari da goman wuya, bita kawai ta rage. In ka ci jarrabawa, ka aiko wa ubangidanka goron sallah. In ka faɗi, Kantin Kwari na neman ɗan dako.